Yadda Ma'aikacin Gwamnati Zai Zaɓi Sana'ar Gefe Wadda Ba Za Ta Riƙa Kiransa Daga Ofis Ba

Yawancin ma'aikata idan za su fara sana'ar gefe tambayar farko da suke yi ita ce nawa ake samu, kuma a nan ake fara ɓata lissafi. Mai shiga ofis ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe huɗu, Litinin zuwa Juma'a, tambayar da ta dace da shi daban ce: in ba na wurin daga safe zuwa la'asar, me zai lalace? In amsar ita ce kuɗi za su zube ko kaya za su mutu ko kwastoma zai yi fushi ya koma wani wuri, to wannan sana'ar ba taka ba ce ko da ribarta ta kai ina, taura biyu ba ta taunuwa. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Na farko, san abin da doka ta yarje maka

Wannan shi ake tsallakewa saboda kowa a ofis yana da ɗan abin da yake taɓawa kuma ba wanda ya ce masa kanzil. Amma dokar tana nan. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na biyar inda aka zayyana ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin da ke aikin cikakken lokaci shiga cikin gudanar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, abu ɗaya aka cire ƙarara shi ne noma. Kuma ba 'yan tarayya kaɗai ta shafa ba, ma'aikatan jiha da na ƙaramar hukuma da malaman jami'o'in gwamnati duk suna ciki. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke bibiya, tana da kotunta ta musamman, kuma hukuncin zai iya kaiwa ga rasa kujera.

To me ya rage maka? Hanya biyu. Ko dai noma da danginsa, kiwon dabbobi da kaji da kifi galibi a nan ake lissafa su, wannan kai da kanka za ka iya tsayawa a kai. Ko kuma ka zuba jari wani ya juya, irin ƙiradin da malamai ke karantarwa, kai da kuɗi shi da aiki a raba riba yadda aka yi yarjejeniya, saboda abin da aka hana shi ne gudanarwa, mallakar hannun jari wani abu ne daban. In ta nan za ka bi to ya zama da gaske ne, ba wai ka rubuta sunan Hajiya a takarda alhali kai ne ke zaune a shago daga sha biyun rana ba. Kuma duk abin da ka mallaka ka sa shi a fom ɗin bayyana kadara da ake cikewa duk shekara huɗu. Shiru da ake yi ba ya nufin an manta, ranar da ka taka wani a ofis ko aka zo neman wata kujera da kai ma kake nema, ranar takardar ƙorafi ke fitowa. Abu ɗaya da ba shi da wata kwana: kada sana'arka ta sayar wa ma'aikatarku komai, ko da takarda ce da biro.

Na biyu, ƙirga lokacinka na gaskiya

Ɗauki takarda ka rubuta sati ɗaya yadda yake, ba yadda kake so ya zama ba. Tashi ƙarfe huɗu a takarda ne kawai, ga go-sulo, ga ɗauko yara daga islamiyya, kafin ka shiga gida ka cire takalmi biyar ta wuce, magariba kuma ba ta jira. Abin da ke hannun yawancinmu shi ne kamar minti talatin zuwa arba'in bayan sallar asuba, awa ɗaya da rabi kafin magariba, ɗan lokaci bayan isha'i in gajiya ta bari, sai Asabar da Lahadi waɗanda su ma ɗaurin aure da suna da gaisuwar rasuwa sun riga sun cinye rabi. In ka haɗa na ranakun aiki da kyar za ka samu awa goma zuwa sha biyu a sati, ban da ɗan abin da ya rage a ƙarshen mako. Wannan shi ne jarinka na lokaci, kada ka ɗauko sana'ar da ke cin awa talatin.

Sai ka ƙara abubuwan da aikin gwamnati ke jefo wa mutum ba shiri: oga ya ce gobe za ku Abuja kwana uku, kwas na sati biyu, tantance ma'aikata da ake cewa kowa ya zo da kansa, jarabawar ƙarin girma, da babbansu canjin wurin aiki. Wanda aikinsa ke da yawan taransifa kada ya binne kuɗi a abin da ba ya ɗaukuwa kuma ba ya saurin sayuwa.

Na uku, gwada kowace sana'a da tambaya huɗu

Rubuta duk sana'o'in da ke ranka, ko biyar ne ko shida, ka yi wa kowacce waɗannan tambayoyin.

Wa ke zaɓar lokacin aikin, ni ko kwastoma? Kayan suna iya jira ko lalacewa suke yi? Sau nawa tsabar kuɗi ke bi ta hannun wani a rana ba na gani? In na yi tafiyar kwana uku, wa zai riƙe, kuma aikin ya kai sauƙin da zan iya bayyana masa a minti biyar?

Bari mu ɗora su kan waɗanda aka fi ba ma'aikaci shawara.

POS ita ce kowa ke fara ambata, wai ka sa yaro kawai. Ta faɗi a tambaya ta farko da ta uku gaba ɗaya. Kuɗi na shiga suna fita sau da dama a rana, ga natwok ya cire wa kwastoma kuɗi bai biya ba, ga alat na bogi, ga tsabar kuɗi ta ƙare ƙarfe sha ɗaya sai an je nemowa, kuma duk wanda aka samu matsala da shi lambar mai abu zai nema, wato kai, kana tsakiyar mitin. Shagon kayan masarufi ma haka, sai dai shi ɓarnarsa a hankali take, ba ka ganewa sai ranar da ka zo ƙirga kaya ka ga kanta ta yi haske kuma kuɗin sari bai cika ba.

Adaidaita sahu ta fi su sauƙin lissafi tunda balas ne sananne, amma ka sani mashin ɗin yana tsufa a hannun wanda ba nasa ba, yau taya gobe inji jibi an kama shi. In dole sai ita, tsarin da direba ke biya a hankali har ta zama tasa ya fi balas na kullum kwanciyar hankali, saboda mutum ya fi lallaɓa abin da ya san zai zama nasa, amma sai da takarda da shaidu da mai tsaya masa wanda ka san gidansa.

Kajin nama suna cikin noma, doka ba ta hana ba, kuma sati shida zuwa takwas an gama. Matsalarsu ita ce sati biyun farko suna son ido dare da rana, ɗumi da ruwa da rigakafin Gumboro da Lasota a kan lokaci, sannan in sun girma a watan Maris da Afrilu zafin ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana shi ke kashe su, daidai lokacin da kake ofis. In akwai mai kula a gida da gaske, bismilla. In babu, bar su.

Ajiyar hatsi ita ce ta fi kowacce rashin neman kulawa, ka saya da kaka a Dawanau ko Dandume ko Saminaka, ka jera a sito a kan katako, wake ka sa shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ba ya shan iska, ka riƙa leƙawa duk sati biyu. Amma kulawa kaɗan ba ta nufin haɗari kaɗan. Waɗanda suka ajiye masara da shinkafa a ƙarshen 2024 suna jiran tashin farashi, da yawansu sun sha ƙasa a 2025 da farashin ya karye. Sannan in saya ka yi ba nomawa ba, wannan fatauci ne a idon doka, ga kuma maganar ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi wadda addini ya yi gargaɗi a kai. Wanda ya noma nasa ya ajiye ya sayar a hankali, shi ya fi kowa tsayawa a wuri mai kyau.

A ganina wadda ta fi cin waɗannan tambayoyi huɗu ga ma'aikacin da ke da ɗan fili a gida ita ce turkar raguna, don haka da ita zan yi misali har ƙarshe. Ba wai ita kaɗai ba ce, a'a, so nake ka ga yadda ake bin lissafin sai ka ɗora a kan taka.

Na huɗu, bi sana'ar daga farko zuwa ƙarshe a takarda kafin ka cire ko sisi

Turka tana da farko tana da ƙarshe, wata uku ne zuwa kwana ɗari, kuma ranar kasuwarta sananniya ce wato babbar sallah. Aikinta na kullum sau biyu ne kuma kai ke zaɓar lokacin: bayan asuba ka zuba abinci ka canja ruwa, da yamma ka sake. Tsakar rana abin da suke so inuwa ce da ruwa, wannan ko ɗan shekara goma sha biyu zai iya dubawa. Babu tsabar kuɗi da ke yawo a hannun kowa. Share garke kuma aikin Asabar ne, takin ma masu lambu na saya.

Fara da kalanda. Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, a 2025 ranar 6 ga Yuni aka yi, wato a 'yan shekarun nan turkar tana faɗawa ne tsakiyar rani da bazara, lokacin da harawa ta fi tsada. Saboda haka sayen abinci shi ne aikin farko ba sayen rago ba. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, ka tara harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa, ka ɗora su a kan rumfa ko ɗaki mai iska inda rana ba za ta ƙone ganyen ba. Wanda ya bari sai ragunan sun iso yana sayen ɗauri ɗai-ɗai a bakin titi, ribarsa ta tafi wurin mai harawa.

Sai sayen dabba. Kasuwannin ƙauye sun fi na cikin gari sauƙi, kuma kowacce da ranar cinta, wasu ranar aiki suke ci, misali Maigatari Alhamis ce, Wudil kuma Juma'a, don haka ko ka nemi mai ci a ƙarshen mako ko ka ciri kwana ɗaya a hutunka na shekara, kada ka sa hannu a rajista ka sulale. Tafi da wanda ya san dabba. Abin da kake nema shi ne rago mai ƙashi da tsawo wanda ya rame saboda rashin abinci ba saboda ciwo ba, irin wannan shi ke karɓar kiwo. Buɗe bakinsa, in manyan haƙora biyu sun fito a gaban muƙamuƙin ƙasa to ya haura shekara, ya isa layya kuma yana da sauran girma. Duba hanci ba majina, ido ba kwantsa, gindi ba alamar zawo, ka sa a ja shi ka ga tafiyarsa. Ka tuna mai layya ba zai sayi mai ɗingishi ko mai ido ɗaya ba komai ƙibarsa. Balami da Uda sun fi girma kuma sun fi kuɗi amma sun fi ci, 'Yankasa ƙanana ne amma jarinsu kaɗan kuma su ne daidai aljihun yawancin masu saya, in abokan aikinka ne kasuwarka to ka yi tunani a nan.

Satin farko shi ne kaɗai lokacin da turka ke son ido sosai, shi ya sa ya kamata su iso ranar Juma'a da yamma ko Asabar kana gida. Kira malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsa da na kaska ya yi musu rigakafin annobar nan ta awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, wadda ke zuwa da zazzaɓi da majina da zawo ta share garke. In kana da wasu dabbobi a gida ka raba su na sati biyu. Kuma kada ka cika musu kwano da dusa ranar farko don ɗoki, dabbar da ta saba da busasshiyar ciyawa in ta afka wa dusa da hatsi da yawa lokaci ɗaya cikinta ke kumbura, wani lokacin kafin ka dawo daga ofis ta mutu. Ka fara da kaɗan kana ƙarawa har kwana goma. Rago matsakaici idan ya zauna yana cin kamar kilo ɗaya na harawa da ƙowa da kamar rabin kilo na dusa a rana, da ɗan gishiri ko kanwa, ruwa kuma kada ya yanke.

Yadda za ka gane matsala a minti biyun da kake da su da safe: wanda bai taso ba da ka zo da abinci, wanda ya ware kansa ya sunkuyar da kai, wanda ba ya tuƙa, wanda ya bar abincin jiya, wanda gefen cikinsa na hagu ya tashi ya yi tauri. Ɗaya daga cikin waɗannan in ka gani, ka kira malamin dabbobi kafin ka tafi aiki, kada ka ce sai na dawo. Shi ya sa lambarsa ta zama tana wurin mutanen gida su ma.

Yanzu kuɗi. Waɗannan alƙaluman na misali ne don ka ga tsarin, kai ka je kasuwa ka sa na gaskiya. A ce rago biyar, kowanne 120,000, ya kama 600,000. Abinci a ce 500 kowane rago a rana, kwana 90, ya kama 225,000. Magani 15,000, mota da la'ada 20,000, ɗan ihsanin yaron da ke duba su da rana 30,000 na wata ukun. Jimla 890,000, wato kowane rago ya tsaya maka a 178,000, wannan lambar ita ce za ka riƙe a kai ranar ciniki. In ka sayar a 220,000 kowanne ka samu 1,100,000, riba 210,000, kamar 70,000 a wata, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024. Ba laifi ga aikin awa ɗaya a rana.

Amma kada ka tsaya nan, sake lissafin da mugun zato. Rago ɗaya ya mutu, huɗu suka rage: 880,000, ka yi asarar 10,000 da wahalar wata uku. Ko kuma babu wanda ya mutu amma kasuwa ta cika, aka taya 185,000, ka tashi da 35,000 kacal. In wannan mugun lissafin zai hana ka biyan kuɗin makarantar yara, to jarin ya yi maka yawa, rage zuwa rago biyu ko uku.

Na biyar, daga ina kuɗin zai fito

Adashe ko ajiyarka ta kwafaretib ɗin ma'aikata ko kuɗin hutu, waɗannan su ne jarin gwaji. Bashin da za a riƙa cira daga albashi tun kafin ya shigo hannunka kada ka fara da shi, balle mai ruwa, saboda cirewar tana farawa wannan watan ita kuwa turka sai bayan wata uku take magana, kuma in ta ƙi, ragon ya tafi bashin yana nan. Sannan abincin wata ukun gaba ɗaya ya zama yana ƙasa ko kuɗinsa na gefe tun ranar farko, kada ka dogara da cewa in an yi albashi zan sayo dusa, kowa ya san akwai watan da alat ke makara, rago kuwa bai san da wannan zancen ba.

Buɗe asusu daban ko aƙalla littafi daban. Abin da ke kashe sana'ar ma'aikaci sau da yawa ba ɓarawo ba ne, cefane ne, ɗan dubu biyar yau dubu goma gobe da niyyar za a mayar.

Na shida, san mai saya tun kafin ka fara

Kai ba za ka iya tsayuwa a bakin titi kwana bakwai kana ciniki da dillalai ba, ba ka da lokacin kuma sun fi ka iya baki. Kasuwarka ita ce unguwarku da masallacinku da 'yan uwa da abokan aiki, saura sati uku sallah ka ɗauki hoto ka tura wa waɗanda ka san suna layya duk shekara, su zo gida da yamma ko Asabar su gani. Da yawa za su so ragon ya zauna a wurinka har jajibiri tunda ba su da wurin ajiya, wannan ma wani abin jan kwastoma ne da ɗan kasuwa ba shi da shi, sai dai ku yi magana a fili kan wa ke da asara in wani abu ya same shi bayan an biya.

Sai maganar da ta fi wuya, bashi. Abokin aiki zai ce Malam ka ba ni zuwa ƙarshen wata, oga ma zai iya aiko direbansa ya zaɓi babban ciki ba a yi maganar kuɗi ba. Ka yanke ƙa'idarka tun yanzu kuma ta zama ɗaya ga kowa: rabi a kafa alƙawari, cikon kafin rago ya fita ƙofa. Ya fi sauƙi ka ce Ranka ya daɗe ai kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, in da gaske akwai mai hannun jari a ciki, da ka yi wata shida kana jin nauyin tambayar wanda ke cike maka fom ɗin ƙarin girma. Duk wanda ya rage saura kwana uku sallah kada ka riƙe shi don neman ƙarin dubu goma, kai wa dillali ya sayar ka biya la'ada, saboda bayan sallah farashi faɗuwa yake kuma ci ba ya tsayawa.

Bayan zagayen farko

In an gama ka zauna da littafin ka duba abu biyu, ribar da ta rage bayan ka cire komai har da man mashin ɗinka, da kuma sau nawa aka kira ka kana ofis ko ka nemi izini ka fita saboda sana'ar. In kiran bai wuce biyu ko uku ba a wata ukun, ta dace da kai, shekara mai zuwa ka ƙara kaɗan, daga biyar zuwa bakwai ko takwas, gwargwadon filin gidan da harawar da ka iya tarawa da kuma haƙurin maƙwabta da wari. In kuwa kusan kullum sai waya ta yi ƙara, to ko dai wanda ka bar wa kula bai iya ba ko sana'ar ce ba ta zaman ofis ba, ka koma kan takardar nan ta tambaya huɗu ka gwada ta gaba a jerin.